Kamfanin inshora ya ƙi biyan allurar kansar matata: me zan rubuta musu?

"Likita, barka da aiki. Matata tana da shekara 41, an gano tana da kansar mama, an yi mata aiki an cire, yanzu ta karɓi kemo sau biyu. Inshorar wurin aikina ce ta biya duk wannan. Likitanta ya ce akwai wata allura mai suna tirastuzumab da za ta yi shekara guda tana karɓa, amma kamfanin ya ƙi amincewa. Layi ɗaya suka aiko wa asibiti, cewa ba a nuna buƙatarta a likitance ba. Na rubuta musu takardar roƙo shafi uku, shiru har yau. Kuɗin allurar ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Yaya zan rubuta su saurare ni?"

Malam, Allah Ya ba maiɗakinka lafiya, Ya sa kaffara ce. Na yi shekaru a teburin da ake tantance irin waɗannan takardu a wani kamfanin inshorar lafiya kafin in koma asibiti, saboda haka zan faɗa maka yadda takardarka take isa hannun wanda zai karanta ta.

Wanda zai karanta ta likita ne ko ma'aikacin jinya, gabansa tarin fayil, kuma a samansa akwai mai binciken kuɗi da zai tambaye shi dalilin duk sa hannun da ya yi. Ko ya tausaya maka har cikin ransa, ba ya iya rubuta "mijin ya ba ni tausayi" a gurbin dalili. Na karanta takardun da suka sa na ajiye biro na yi shiru, na kuma mayar da su ba amincewa, domin babu layi ɗaya a cikinsu da zan iya dogara da shi. Shafi ukun da ka rubuta, idan labarin halin da gida yake ciki ne da yawan yara da kuɗin makaranta, gaskiya ka faɗa, amma ba ta amsa abin da suka ce ba. Sun ce ba a nuna buƙata ba. Takarda ta biyu aikinta ɗaya: ta nuna buƙatar, da hujjar da mai sa hannu zai iya ɗauka ya kai wa na samansa.

Ka fara mallakar dalilin ƙin a rubuce

Layin da aka aiko wa asibiti ba naka ba ne tukuna. Ka je teburin inshora na asibitin ka karɓi kwafin saƙon da suka tura na neman amincewa da kwafin amsar da aka ba su, da kwanan wata da lambar da ke kai. Sau da yawa a nan matsalar take bayyana. Abin da asibiti ya tura kan kasance rabin layi ne, sunan cuta da sunan magani, ba sakamakon gwaji, ba nauyin jiki, ba tsawon lokaci. Wanda ya ga maganin miliyoyi a rabin layi dole ya mayar da shi.

Sannan ka nemi takardar yarjejeniyar inshorar daga ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinku. Ba ƙaramin katin da ke aljihunka ba, cikakkiyar takardar da ta jera abin da ake biya, da abin da aka cire, da iyakar kuɗin shekara. Ka nemi inda aka yi maganar kansa ka karanta a hankali, har da ƙananan rubutun ƙasa.

Na nace a kan wannan ne saboda ƙin biya iri biyu ne, kuma takarda ɗaya ba ta warkar da su duka. Akwai ƙin da ke cewa ba mu gamsu mara lafiya tana buƙata ba. Wannan hujjar likita tana rushe shi. Akwai kuma ƙin da ke cewa ko tana buƙata, yarjejeniyarmu ba ta ɗauke shi ba, ko kuɗin shekara ya ƙare. Wannan ko malaman kansa goma sun sa hannu ba zai motsa ba, wata hanyar ake bi. Layin da aka ba ku na iri na farko ne, kuma wannan yana cikin alherinku. Ƙari a kan haka, sun riga sun biya aikin tiyata da kemo, wato da hannunsu sun yarda cewa kansa tana cikin abin da suke ɗauka. Ka riƙe wannan, za ka yi amfani da shi.

Takarda biyu ce, ba ɗaya ba

Kai za ka rubuta ta farko a matsayin mai inshora, shafi guda. Likitan kansa da ke duba ta zai rubuta ta biyu a kan takardar asibiti mai tambari, da sa hannunsa da hatimi. Kada ka ɗauko bayanin likita ka zuba a cikin taka, domin daga bakinka ba shi da nauyi, kuma kuskure ɗaya a cikinsa zai ba su mafaka. Da Turanci ake rubuta su duka biyu, shi ne harshen ofisoshin, amma ga abin da ya kamata su ƙunsa.

Taka ta buɗe da sunan matarka yadda yake a katin inshora, harafi da harafi, da lambar rajista, da lambar saƙon da aka ƙi, da ranarsa. Na taɓa ganin fayil ya yi kusan wata yana yawo saboda a kati an rubuta sunan mahaifi, a sakamakon gwaji kuma sunan miji, na'ura ta ɗauke su mutum biyu. In haka ne a wurinku, ka faɗa a layi ɗaya cewa mutum ɗaya ce, ka haɗa da shaida.

Daga nan sai gundarin magana, kamar haka:

"Ina neman a sake duba hukuncin da aka yanke ranar kaza na ƙin amincewa da tirastuzumab ga matata. Dalilin da aka bayar shi ne ba a nuna buƙatarsa a likitance ba. Na haɗa rahoton babban likitan da ke duba ta, da sakamakon gwajin tsoka, da hoton zuciya, waɗanda ba sa cikin abin da aka turo muku da farko. Sashe na kaza na yarjejeniyarmu ya ɗauki maganin kansa, kuma a ƙarƙashinsa kuka biya tiyatarta da kemo. Likita ya tsayar da ranar kaza don allurar farko. Ina neman amsa a rubuce kafin ranar kaza. Idan hukuncin bai canza ba, ina neman a nuna mini sashen da aka dogara da shi, kuma likitan da ya duba ya yi magana da likitanta kai tsaye."

Shi ke nan. Ba zagi, ba barazanar kotu ko gidan rediyo, ba kuma ƙasƙantar da kai. Haƙƙinka kake nema. Jumlar ƙarshen nan tana da amfani fiye da yadda take a ido, domin kiran waya na minti goma tsakanin likita da likita yakan warware abin da takardu suka kasa.

Abin da rahoton likita zai ce

A nan ake cin nasara ko a faɗi, saboda haka bari in daɗe a kai. Likitocinmu aiki ya yi musu yawa, kuma idan ka ce a rubuta maka rahoto sai a ba ka layi huɗu: mara lafiya tana da kansar mama, tana buƙatar wannan magani, a taimaka. Wannan ba zai wuce ba. Ka je wurinsa da ladabi, ka nuna masa layin da kamfanin ya rubuta, ka ce ana son rahoton da zai amsa wannan layin.

Abu na farko da mai tantancewa zai nema shi ne shaidar cewa kansar irin wadda wannan allura ke yi wa aiki ce. Tirastuzumab ba ta kowace kansar mama ba ce. Tana kama wani sinadari da ke jikin ƙwayoyin cutar, wanda a takardar gwaji ake rubuta shi `HER2`, kuma kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida masu kansar mama ce cutarta ke ɗauke da shi da yawa. Ka ɗauko sakamakon gwajin tsokar da aka cire ka duba da idonka. In ka ga `HER2 3+`, hujjarku ta tsaya. In ka ga `0` ko `1+`, wannan allura ba tata ba ce, sai ka koma wurin likita ku sake magana. In kuwa `2+` ne, sakamakon yana tsaka-tsaki, kuma sai an yi gwaji na biyu, wanda ake rubutawa `FISH` ko `ISH`, ya tabbatar.

Wata rana an kawo mini fayil ɗin wata baiwar Allah, rahoto mai kyau, shafi biyu, amma sakamakonta `2+` ne kuma ba a yi gwaji na biyu ba. Na ƙi amincewa, 'yan uwanta suka yi fushi da ni ƙwarai, kuma na fahimci fushinsu. Abin da na iya yi shi ne na rubuta ƙarara abin da ya rage, na amince da kuɗin gwajin. Da sakamakon ya fito ya tabbatar, aka sa hannu. Makonnin da aka ɓata a tsakani sun daɗe suna damuna, domin da an san haka tun farko da gwajin aka fara nema. Saboda haka a haɗa kwafin ainihin takardar ɗakin gwaji, kada a tsaya ga cewa likita ya faɗa a rahotonsa.

Bayan wannan sai matakin cutar: girman ƙarin da aka cire, ko ya taɓa kaluluwar hammata da guda nawa, da cewa hotuna ba su nuna ta bazu zuwa huhu, hanta ko ƙashi ba. A sa lambar cutar da kamfanoni ke aiki da ita, wadda ta kansar mama ke farawa da `C50`. Sai likita ya faɗi manufar maganin a fili. Ga wadda aka yi wa tiyata kuma cutar ba ta bazu ba, manufar ita ce a hana ta dawowa, wato ana neman warkewa ne, kuma maganin yana da ranar ƙarewa. Wannan jumla tana da nauyi a wurin kamfani, domin abin da suka fi tsoro shi ne maganin da ba a san ƙarshensa ba.

Sai hujjar ilimi, kuma a nan gajarta ta fi. Ba a buƙatar a liƙa mujallu. Sakin layi ɗaya ya isa: manyan binciken da aka wallafa a 2005 sun nuna cewa ƙara tirastuzumab a kan kemo ga masu irin wannan kansar yana rage dawowarta da kusan rabi, yana kuma rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na dole tun 2015. Wannan na biyun shi ne amsar duk wanda zai ce maganin gwaji ne ko na alfarma. Idan likitan ya ambaci ƙa'idar jinya da yake bi, irin wadda aka daidaita don ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya ƙara ƙarfi. Ya kuma faɗi dalilin da ya sa kemo kaɗai bai wadatar ba, domin tambayar da ke zuciyar mai karantawa ke nan: mun riga mun biya kemo, me ya sa za mu ƙara?

Akwai abin da rahotanni da yawa ke tsallakewa, shi ne zuciya. Wannan allura tana iya raunana bugun zuciya, shi ya sa ake yin hoton zuciya, wanda ake kira eko, kafin a fara, a maimaita duk bayan wata uku. A takardar za ka ga `LVEF`, wato awon ƙarfin da zuciya ke tura jini da shi, da lamba a gabansa, ana son ta kai kashi 50 cikin ɗari ko ta haura. Rahoton da ya zo da wannan sakamakon, ya kuma faɗi yadda za a ci gaba da sa ido, yana nuna an yi tunanin haɗarin. Wanda ya zo babu shi, an ba mai tantancewa dalili mai kyau na mayar da shi. A sa kuɗin waɗannan hotunan cikin abin da ake nema tun yanzu, kada a dawo ana sabuwar rigima a kansu bayan wata uku.

Lissafin kwalabe

Kada a rubuta "na shekara guda" a tsaya. A yi lissafin a gabansu. Da nauyin jiki ake auna allurar da ake sawa a ƙarin ruwa: miligiram 8 ga kowane kilo a karon farko, sannan miligiram 6 ga kowane kilo duk bayan mako uku, har shekara ta cika, wato karo 17 ko 18. Mu ɗauka nauyin maiɗakinka kilo 62 ne. Karon farko miligiram 496 ke nan, kowane karo bayansa 372. Idan karo 18 ne, jimilla 6,820.

Ga inda lissafin ke taimaka maka. Babbar kwalbar maganin miligiram 440 ce. In asibiti zai buɗe sabuwa kowane zuwa ya zubar da ragowar, za a ci biyu a karon farko da ɗaya-ɗaya sau 17, kwalba 19. Amma wannan kwalba, idan an haɗa ta da ruwan da aka tanadar mata, tana iya kwana 28 a firji, kuma tazarar allurar kwana 21 ce. Asibitin da ke da wuta tsayayya da mai haɗa magani da ya san aikinsa yana iya ajiye ragowar a yi amfani da ita a zuwa na gaba, sai kwalaben su dawo 16. Kwalba uku a wannan magani kuɗi ne masu yawa. Ku tambayi sashen magunguna ko suna yin haka. In suna yi, a rubuta, a haɗa da takardar farashi mai kwanan wata.

Haka kuma a rubuta sunan maganin na asali, `trastuzumab`, ba sunan kasuwa na wani kamfani ba, likita kuma ya faɗi ko ya yarda a yi amfani da makamancinsa da wasu kamfanoni ke yi. Tun Disamba 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tantance irin waɗannan, kuma sun fi araha. A ganina duk takardar da ta nace sai sunan kasuwa ɗaya ba tare da dalili ba tana rufe wa kanta ƙofa. Sharaɗin kawai shi ne maganin ya kasance mai rajistar NAFDAC, ta hannun asibiti ya fito, ba daga wani da ya ce yana da hanya ba, domin magani ne da zafi ke lalatawa ba tare da ido ya gani ba.

Wataƙila kamfanin ya dawo ya ce zai biya wata shida kawai. Kada ka amsa da bakinka, ko e ko a'a. Shekara guda ita ce ƙa'ida, amma akwai babban bincike na Birtaniya da aka wallafa a 2019 da ya nuna wata shida ya kusanci shekara a sakamako, wasu binciken kuma ba su tabbatar da hakan ba. Likitanta ne ya san girman haɗarin cutarta, shi zai ce a karɓa ko a ci gaba da nema. Abin da nake ba da shawara shi ne a karɓi amincewar da aka samu a fara, a rubuta cewa ana ci gaba da neman ragowar.

Miƙawa da bibiya

Ka kai takardun hannu da hannu ofishin kamfanin, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka, ka kuma tura ta imel a ranar. Kwafi kawai za ka bayar, ainihin takardun su zauna a gida. Ka duba yarjejeniyar ko ta sa wa'adin neman sake dubawa, kada ya wuce ka. Tun da bayanan lafiyar matarka ne, ta sa hannu a layi ɗaya cewa ta yarda a miƙa su. Ka ba ofishin ma'aikata na wurin aikinku kwafin takardarka, ba lallai da rahoton likita ba idan ita ba ta so. Su ne ke sabunta kwangila da kamfanin duk shekara, kuma kiran waya daga wurinsu yana sa a ɗauko fayil daga ƙasan tari.

Idan ranar da ka sa ta wuce babu amsa, ko aka sake ƙi ba tare da nuna sashe ba, sai ka kai ƙorafi ga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta ba ikon sa ido a kan waɗannan kamfanoni, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Takardun nan dai za ka kai, da kwafin da ke ɗauke da hatimin karɓa.

Dole in faɗa maka iyakar abin da takarda ke iya yi. Idan ka buɗe yarjejeniyar ka tarar an cire irin wannan allura da sunanta, ko an sa wa kansa iyakar kuɗi kuma tiyata da kemo sun cinye ta, to kamfanin bai karya doka ba idan ya ƙi, kuma hukuma ba za ta tilasta masa ba. A wannan hali takardar tana sauya fuska: ka amsa cewa yarjejeniya ba ta ɗauka ba, ka nemi su biya wani kaso bisa alfarma, ka nemi wurin aikinku ya mara maka baya ko ya ɗauki wani ɓangare. Rahoton likitan nan bai tashi a banza ba, shi za ka kai ko'ina. Akwai tsarin raba kuɗin magungunan kansa tsakanin NHIA da kamfanin magunguna na Roche da mara lafiya, ga masu rajista da hukumar a wasu asibitocin koyarwa. Akwai kuma asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi, wanda kansar mama ke ciki, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na tarayya da ke Gombe suna cikin waɗanda aka fara da su. Ka tambayi sashen walwalar marasa lafiya na asibitinku tun yanzu, kada ka jira sai an ƙi karo na biyu.

Game da ranar da za ka sa a takarda, likita zai ba ka ita, amma ga yadda take fitowa. Idan kemo ɗin da take karɓa yanzu shi ne mai jan ruwan nan, ba a haɗa shi da tirastuzumab a lokaci guda saboda dukansu suna taɓa zuciya. An saba a gama karo huɗu na jan, sannan a fara allurar tare da kashi na biyu na kemo. Tun da ta karɓi biyu, kuma tazarar mako uku ce, kuna da tsakanin mako shida zuwa tara, gwargwadon ranar da ta karɓi na biyun. Ka ba kamfanin kwana goma zuwa sha huɗu, domin ya rage maka lokacin zuwa hukuma idan ta kama. Kuma duk yadda maganar ta kaya, kada a dakatar da kemo ana jiran amsa. Ka kuma roƙi a ba da amincewar karo da yawa a dunƙule, ko da na wata uku-uku ne, ba a riƙa neman lamba kowane zuwa ba, domin idan allura ta makara fiye da mako guda sai an sake ba da babban awon farko na miligiram 8 ga kowane kilo, kuma wannan ƙarin kuɗi ne a kan kamfanin kansa. Ka sa wannan a takardarka.